Abin da ke sa ruwan zafin hita ya ƙare da wuri

Hitar ruwa mai tanki, irin wadda ake kafewa a bangon banɗaki, ba ta dafa ruwa a lokacin da ake wanka. Aikinta shi ne ta ɗumama ruwa tun da wuri ta ajiye, mai wanka ya zo ya ɗiba daga ajiyar. Idan aka ce ruwan zafinta yana ƙarewa da wuri, to ɗaya daga cikin abu biyu ne ya faru: ko dai ruwan da ta ajiye bai kai zafin da ya saba kaiwa ba, ko kuma ɓangaren tankin kaɗai ne ya yi zafi. Rarrabe waɗannan biyu shi ne farkon gyara, domin masu gyara da yawa sukan fara da sauya elemen, alhali a yawancin hitocin da ke gidajen Najeriya da Nijar elemen ba ya cikin waɗanda ya kamata a fara zargi da wannan matsala.

Ginin hitar ba shi da wuyar fahimta. Tanki ne na ƙarfe da aka shafe cikinsa da wani rufi mai kama da na kwanon tasa don kada ya yi tsatsa, aka naɗe bayansa da soso mai riƙe zafi. Daga ƙasansa ake cusa elemen, wato lanƙwasasshen bututun ƙarfe mai siririyar waya a ciki, wadda ke yin zafi idan wuta ta ratsa ta. Kusa da elemen akwai wani siririn kube da tsinken tamostat ke shiga. Tamostat shi ne mai jin zafin ruwan: idan ya kai inda aka saita sai ya yanke wuta, idan ya huce ya mayar da ita. Sai kuma bututu biyu, mai shuɗin zobe na shigar ruwan sanyi, da mai jan zobe na fitar ruwan zafi.

Duk da cewa bututun biyu a ƙasan tankin ake ganinsu, a ciki tsawonsu ba ɗaya ba ne. Na ruwan sanyi gajere ne, da ɗan murfi a kansa da ke watsa ruwan gefe a hankali. Na ruwan zafi dogo ne, yana kaiwa har kusa da rufin tankin. Dalili kuwa shi ne ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka yakan taru a sama. Idan aka buɗe famfo, ruwan sanyi yana shiga ta ƙasa yana tura mai zafin ta sama, ba tare da sun gauraya sosai ba. Wannan layi da ke tsakanin ruwan sama da na ƙasa shi ke sa mutum ya yi ta samun ruwa mai zafi iri ɗaya, sannan cikin ɗan lokaci ya ji ya koma sanyi.

Lissafin da ke nuna ko akwai matsala

Kafin a kira mai gyara, akwai lissafin da ya kamata a yi, domin hita da yawa da ake zargi lafiyarsu ƙalau. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin kimanin wat 1.16 na tsawon awa guda. Hita mai lita 50 da za ta ɗauki ruwa daga digiri 20 zuwa 60 tana bukatar kusan yunit 2.3 na wuta, kuma da elemen mai wat 1,500 wannan aikin awa ɗaya da rabi ne. Wanda ya kunna ta minti ashirin kafin wanka bai ba ta ko kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinta ba.

Babu mai wanka da ruwa mai digiri 60. Ana sirka shi da na sanyi ya dawo wajen 40. Idan ruwan famfo yana kan digiri 20, sirkin rabi da rabi ne, wato lita 50 ta zafi za ta ba da lita 100 ta ruwan wanka a lissafi, ko da yake a zahiri ba a samun duka. Yanayi kuma yana sauya wannan adadi ƙwarai. A watan Afrilu, lokacin da ruwan tankin sama yake kaiwa digiri 30, wannan hitar za ta ba da lita 150. A tsakiyar hunturu, idan ruwan ya kwana a tanki ya sauko digiri 15, lita 90 kaɗai za ta bayar, ga shi kuma za ta daɗe kafin ta yi zafi, ga mutanen gida kowa yana son ruwa mai ɗan zafi sosai. Ba abin mamaki ba ne a ce ƙorafin hita ya fi yawa daga Disamba zuwa Janairu. Ƙaramar hita mai lita 15 kuwa, a ƙarƙashin shawa mai zubar da lita 8 a minti ɗaya, ba ta wuce wankan minti huɗu ko tana sabuwa.

Ƙarfin wuta shi ma yana da hannu. An ƙera elemen don bolt 230, kuma zafin da yake bayarwa yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi. Idan wuta ta yi rauni ta sauko bolt 180, kamar yadda takan yi da yamma a unguwannin da taransifoma ta yi wa kaɗan, elemen mai wat 1,500 ba ya ba da fiye da wat 920. Aikin awa ɗaya da rabi sai ya koma awa biyu da rabi, kuma fitilar hitar tana nan a kunne kamar komai daidai.

Gwajin bokiti

Kayan gwajin farko su ne agogo, bokiti mai lita 10, da ma'aunin zafi irin na girki. Ana kunna hitar tana cike da ruwan sanyi, a duba lokacin da fitilarta ta mutu. Daga nan a kashe makunninta, a buɗe famfon zafi shi kaɗai ba sirki, a auna zafin bokitin farko, sannan a ci gaba da cika bokiti ana ƙirgawa har sai zafin ya faɗi a fili. Lafiyayyar hita takan ba da kusan kashi bakwai cikin goma na girmanta kafin ruwan ya fara hucewa, wato bokiti uku da rabi ko fiye daga mai lita 50.

Sakamakon yana raba hanya. Idan bokitin farko ma ɗumi-ɗumi ne, amma ɗumin ya ɗore har bokiti uku ko huɗu, to tankin gaba ɗaya ne bai yi zafi ba, kuma zargi ya hau kan tamostat, ko ƙanzon da ya lulluɓe elemen. Idan bokitin farko yana ƙuna amma na biyu ya fara sanyi, to saman tankin ne kaɗai ke zafi, ko kuma ruwan sanyi yana kutsawa inda bai kamata ba. Idan kuwa babu ɗumi ko kaɗan, wannan wata matsala ce dabam: elemen ya mutu, ko wuta ba ta isa gare shi.

Elemen: ɗaya ne ko biyu?

Elemen ba ya gajiya a hankali. Wayar cikinsa ko dai tana haɗe tana ba da cikakken zafi, ko ta tsinke ta daina baki ɗaya. A hita mai elemen ɗaya, irin ƙirar Turai da ta cika kasuwa daga lita 15 zuwa 100, mutuwarsa tana nufin ruwan sanyi zalla. Don haka wanda har yanzu yake samun ruwan zafi, komai ƙanƙantarsa, elemen ɗinsa yana da rai.

Labarin ya bambanta a manyan tankuna masu tsayuwa a ƙasa, irin ƙirar Amurka da ake gani a otal da wasu manyan gidaje. Waɗannan suna da elemen biyu, na sama da na ƙasa, kowane da tamostat ɗinsa, kuma ba sa aiki lokaci guda. Na sama ke farawa, ya ɗumama kusan sulusin tankin, sannan tamostat ɗinsa ya miƙa wa na ƙasa wuta ya ƙarasa sauran. Mafi yawan aikin yana wuyan na ƙasa, kuma shi ne ke zaune cikin laka, shi ya sa ya fi saurin mutuwa. Idan ya mutu, ruwa yana fitowa da zafinsa na kullum amma ya ƙare cikin 'yan mintuna. Idan na sama ne ya mutu, ba a samun komai, domin tamostat ɗinsa ba zai taɓa jin zafin da zai sa ya saki wuta zuwa ƙasa ba. Akwai kuma wasu hitocin bango masu ƙananan elemen biyu a gefe ɗaya. A cikinsu mutuwar ɗaya tana ninka lokacin ɗumamawa ne kawai.

Gwajin elemen aikin mai gyaran lantarki ne, kuma da mita ake yinsa, ba da ido ba. Sai an kashe wuta daga bireka, an tabbatar da mita cewa babu wuta a kan wayoyin, sannan a cire wayoyin daga ƙafafun elemen a auna tsakaninsu. Adadin da ake sa rai yana fitowa daga wannan lissafi: R = V² ÷ P. A kan bolt 230, elemen mai wat 1,500 zai nuna kusan om 35, mai wat 2,000 kusan om 26. Na tankin Amurka mai wat 4,500 a kan bolt 240 yana nuna kusan om 13. Idan mita ta nuna OL, waya ta tsinke. Gwaji na biyu tsakanin kowace ƙafa ne da jikin ƙarfen elemen, kuma a nan OL ɗin ake so. Duk wani adadi da ya bayyana yana nufin bututun ya fashe ruwa ya isa ga wayar. Irin wannan elemen yana iya ci gaba da ɗumama ruwa yana kuma jan mutum a famfo, kuma abin da ke tsakanin mai wanka da mutuwa a lokacin shi ne wayar ƙasa mai launin kore da rawaya, da bireka mai jin yoyon wuta.

Tamostat

Kaɗan daga kuskuren tamostat yana cin ruwa mai yawa. Idan ya riƙa yankewa a digiri 45 maimakon 60, ruwan da ke fitowa har yanzu yana da zafi a hannu, babu wanda zai ce hita ta lalace. Amma yanzu kashi huɗu cikin biyar na ruwan wanka daga tankin yake fitowa, ba rabi ba, kuma lita 100 ɗin can ta koma 62. Mai wanka yana ta ƙara murɗa famfon zafi bai lura ba, abin da zai lura da shi kawai shi ne ruwan ya ƙare kafin ya ɗauraye sabulu.

Wani lokaci babu abin da ya lalace, wani ne ya juya maɓallin ƙasa don rage cin wuta. Wani lokaci kuma tsinken ya tsufa yana yankewa da wuri, ko bai shiga kubensa har ƙarshe ba bayan wani gyara. A tankin Amurka tamostat yana manne ne da jikin tankin daga waje, kuma idan maƙallinsa ya saki sai ya daina jin zafin daidai. Tamostat ba abin gyara ba ne, sauya shi ake yi da mai tsawon tsinke da ƙarfin wuta iri ɗaya.

A jikinsa akwai wani ƙaramin maɓalli na kariya, galibi ja, da ke yanke wuta gaba ɗaya idan ruwa ya doshi tafasa. Idan ya faɗa sau ɗaya ana iya danna shi. Idan ya ci gaba da faɗawa, to tamostat ɗin ya manne ba ya yankewa, ko waya ta saki tana zafi. Wasu masu gyara sukan tsallake shi su haɗa wuta kai tsaye da elemen don mai gida ya ga aiki ya yi. Wannan ganganci ne tsantsa: tanki rufaffe da ruwa ke tafasa a ciki yana iya tarwatsewa ya rusa bango.

Digiri 60 shi ne saitin da ya fi dacewa. Ƙasa da 45 ƙwayar cutar lejiyonela, mai haddasa wani nau'in ciwon huhu, tana hayayyafa a cikin tanki. Sama da 60 kuma ƙanzo yana taruwa da sauri. Sai dai ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, don haka a gidan da ke da yara ko tsofaffi ruwan sanyi ake fara zubawa a bokiti.

Ƙanzo da laka

Ruwan da ya ratsa dutsen farar ƙasa yana ɗauko sinadarin kalsiyam narkakke. Irin wannan dutse ne ya sa aka kafa masana'antun siminti a Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gombe, da Malbaza ta Nijar, kuma ana samunsa a wurare da dama bayan waɗannan. Ruwan yana da tsabta a ido, sai dai sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa. Idan aka ɗumama shi, kalsiyam ɗin yana fita ya daskare a kan abin da ya fi zafi, kamar ƙanzon tuwo a gindin tukunya. A cikin hita abin da ya fi zafi shi ne elemen. Ban da wannan, ruwan burtsatse yakan zo da yashi da jar tsatsa, su kuma su kwanta a gindin tankin.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu cewa elemen mai ƙanzo yana shan wuta ba ya ba da zafi. Ba haka abin yake ba. Duk wutar da ya sha tana komawa zafi, kuma zafin ba shi da inda za shi sai cikin ruwa. Abin da ƙanzon ke yi shi ne ya tare hanya, har sai jikin elemen ya yi zafi fiye da ƙima kafin zafin ya ratsa. Illar farko ita ce gajarta rayuwarsa. Ta biyu ta fi dabara: idan ƙanzon ya cike ratar da ke tsakanin elemen da kuben tamostat, sai tamostat ya riƙa jin zafin elemen maimakon na ruwa. Yana yankewa tun ruwa bai kai ba, fitila ta mutu, mai gida ya ɗauka hita ta gama. Da za a bar ta a kunne tsawon yini, za ta riƙa kunnawa tana kashewa har ruwan ya ƙara zafi, amma a gidan da ake kashe makunni da zarar fitila ta mutu, ko inda wuta ba ta daɗewa, ba ta samun wannan dama. Alamar ƙanzo da kunne ake jinta: ƙara kamar ana soya abu a cikin tankin, saboda ruwan da ya maƙale a ƙarƙashinsa yana tafasa.

A ɗauki misalin hita mai lita 50 da elemen mai wat 1,500, a gidan da ke shan ruwan burtsatse, wadda da take isar mutum uku yanzu da kyar take isar biyu. Ruwan famfo yana kan digiri 20, maɓallin zafi yana kan 60, mita kuma ta nuna wuta ta kusa bolt 230. Fitila ta mutu bayan minti 55 maimakon 90. Wutar da elemen ya sha a wannan lokaci ba ta isa ta ɗaga lita 50 da fiye da digiri 24 ba, kuma haka aka samu: bokitin farko digiri 44, ɗumin ya ɗore har bokiti na huɗu. Wannan ya wanke bututun ciki, tunda yawan ruwan bai ragu ba. Elemen ya nuna om 35, shi ma ya fita. Saura tamostat da ƙanzo, kuma ƙarar da hitar ke yi ta karkata zargin. Sabon tamostat a nan asarar kuɗi ne, domin shi ma cikin wannan kube za a cusa shi, ya ji abin da tsohon ke ji.

Maganin shi ne buɗe tankin. A kashe bireka, a rufe ruwan shiga, a buɗe famfon zafi don iska ta shiga, a zubar da ruwan ta bakin ruwan sanyi bayan ya huce. Sai a kwance notocin farantin da ke riƙe da elemen a zaro shi. Lakar gindi da hannu ake kwashe ta a ɗauraye, ba a kankare bangon tankin da ƙarfe, domin rufin cikin idan ya tsage tsatsa ta samu ƙofa. Elemen da kuben ana jiƙa su cikin ruwan khal ko ruwan hodar sitirik na wasu awanni har ƙanzon ya ruguje, ba tare da jiƙa ƙafafun wuta ba. Idan jikin elemen ya kumbura ko ya tsage, sabo ake sawa. Tunda tankin yana buɗe, a duba sandar magniziyam da ke ɗaure kusa da elemen. An sa ta ne don ruwa ya ci ta maimakon ya ci tankin, kuma idan ta side har ƙarfen tsakiyarta ya bayyana lokacin sauya ta ya yi. Robar farantin ma sabuwa ake sawa, tsohuwa ba ta cika komawa ba tare da yoyo ba.

Matakin ƙarshe shi ne inda sababbin elemen da yawa ke mutuwa. Dole a cika tankin tukuna, famfon zafi a buɗe, har ruwa ya fito ba tare da tofar da iska ba, kafin a mayar da wuta. Elemen da aka kunna babu ruwa yana ƙonewa cikin ƙasa da minti ɗaya. Haka ma yake faruwa idan tankin sama ya ƙare kuma babu bawul mai hana ruwa komawa baya a bakin hitar: ruwanta sai ya zurare ta famfunan sanyi, wuta ta dawo ta tarar da elemen a bushe.

Idan ruwan sanyi ne ke kutsawa

Hita mai elemen ɗaya da ke ba da bokiti ɗaya mai ƙuna sannan ta huce, matsalarta ta aikin famfo ce. Idan tun ranar da aka kafa ta take haka, a duba ko an juya bututun, an haɗa ruwan shiga a jan zobe. A wannan hali ruwan sanyi yana zuba a saman tankin, ana kuma ɗiba daga ƙasa inda ya fi sanyi. Haka nan hitar da aka ƙera don tsayuwa idan aka kwantar da ita saboda ƙarancin wuri, bakin dogon bututun ba ya kasancewa a inda ruwan zafi ke taruwa. Idan kuwa daga baya abin ya fara, dogon bututun ne ya ɓule ko murfin gajeren ya fita. A tankin Amurka, inda bututu biyun ke shiga ta sama, na ruwan sanyi ne dogo, na roba, kuma idan ya karye ruwan sanyi yana zuba daidai bakin mafita. A tsakiyar shekarun 1990 an sayar da tankuna masu yawa a Amurka da irin wannan bututu mai ruɓewa, kuma alamarsa ita ce ɓarɓashin farar roba da ke toshe ramukan shawa.

Kan famfo mai hannu ɗaya da ke sirka zafi da sanyi shi ma yana iya barin ruwan sanyi ya tsallaka cikin layin zafi idan cikinsa ya lalace. Gwajinsa ba ya bukatar kayan aiki: a rufe ruwan da ke shiga hitar, a buɗe famfon zafi a wani wuri. Ya kamata ya tsaya bayan ɗan lokaci. Idan ya ci gaba da zuba, ruwan daga layin sanyi yake tsallakowa, kuma ana gano mai laifin ta hanyar rufe bawul ɗin kowane kan famfo ɗaya bayan ɗaya har zubar ta tsaya.